Yadda ake bin dalilan hujjar jometiri ɗaya bayan ɗaya, tare da zanen da ke gefenta

Hujja mai gida biyu ita ce wadda ɗalibi yake raba takardarsa da layi a tsaye, ya rubuta abin da yake iƙirari a hagu, ya rubuta dalilinsa a dama, ya sa wa kowace saɗara lamba. A makarantun Amurka wannan tsari ya bazu tun farkon ƙarni na 20. Mu a nan Maradi mun fi saba da tsarin Faransanci, inda ake jero "mun san cewa", sai "ƙa'ida ta ce", sai "saboda haka". Yaran da suka yi karatu a Katsina ko Jibiya kuma sukan zo da al'adar sa dalili a gefen kowace saɗara. Duk aikin guda ne. Ni dai na fi son gida biyu idan ana koyon hujja, domin dalilin da babu shi ba ya samun wurin ɓuya: gidan dama zai zauna fayau, kowa ya gani.

Matsalar mai dubawa ita ce, gidan dama yakan cika da kalmomi masu kyau waɗanda ba sa ɗaukar nauyin abin da ke hagu. Malami ya ga amsar ƙarshe daidai ce, ya ga sunayen ƙa'idoji da ya koyar, sai jan bik ya wuce. Abin da zan nuna a nan shi ne yadda ake tsayawa a kan kowane dalili, ko kai malami ne da tarin kaye a gabanka, ko yaya ne mai duba aikin ƙanensa da ke shirin BEPC. Misali ɗaya za mu riƙe har ƙarshe.

Aikin da aka ba ɗalibi, da abin da ya rubuta

An ce ABCD siffa ce mai gefe huɗu. Gefen AB da gefen DC paralel ne, wato ko an ja su har ƙarshen duniya ba za su haɗu ba, kuma tsawonsu ɗaya. Layin AC da layin BD, waɗanda suka ratsa siffar daga kusurwa zuwa kusurwa, wato diyagonal, sun haɗu a ɗigon O. Ana so a nuna cewa OA = OC.

Ɗalibi ya zana siffarsa da hannu, A a ƙasa ta hagu, B a ƙasa ta dama, C a sama ta dama, D a sama ta hagu. Sai ya rubuta wannan:

| | Iƙirari | Dalili |
|---|---|---|
| 1 | (AB) // (DC) | an bayar |
| 2 | AB = DC | an bayar |
| 3 | ∠BAO = ∠DCO | kusurwoyin musaya na ciki |
| 4 | ∠AOB = ∠COD | kusurwoyin mahaɗa masu kallon juna |
| 5 | OB = OD | diyagonal na paralelogram suna raba juna biyu |
| 6 | △AOB ≅ △COD | gefe, kusurwa, gefe |
| 7 | OA = OC | gefuna masu dacewa da juna |

Alamar ∠ tana madadin ƴar hular da yaranmu suke ɗora wa haruffa uku, alamar ≅ kuma tana nufin alwatika biyu da in an yanke ɗaya aka ɗora kan ɗaya za su rufe juna ruf. Kowane iƙirari da ke hagu a wannan takarda gaskiya ne. Duk da haka hujjar ta karye a wuri biyu.

Kafin ka karanta saɗara ta farko

Rufe aikin ɗalibin da tafin hannu, ka koma kan tambayar kanta. A wata takarda ka rubuta abin da aka bayar, kalma da kalma, sa'an nan abin da ake nema. A nan abu uku aka bayar: paralel, tsawo ɗaya, da haɗuwar AC da BD a O. Ba a ce ABCD paralelogram ba ne, wato siffa mai gefe huɗu wadda kowane gefe nata paralel ne da wanda yake fuskanta. Ba a ce komai a kan AD da BC ba. Riƙe wannan da kyau, domin zanen ɗalibin zai yi ta raɗa maka akasin haka.

Daga nan ka yi naka zanen, kuma ka yi shi da gangan ya bambanta da nasa. Yara suna son zana siffa mai kyau, kusan murabba'i, inda komai ya yi kama da komai. Kai ka ja AB santimita 6 a ƙasa, ka ja DC santimita 6 a sama, amma ka ture shi can gefe har siffar ta kishingiɗa sosai. A irin wannan zane, duk abin da ya zama gaskiya don sa'a kawai zai fito fili. Idan ɗalibi ya ce kusurwar O digiri 90 ce saboda haka ta yi kama a zanensa, naka zanen zai ƙaryata shi nan take.

Sai ka gwada zanensa da tambayar. Shin haruffan suna bin juna a zagaye, A, B, C, D? Wanda ya musanya C da D ya zana wata siffa dabam, kuma duk kusurwoyin da zai kira za su zama na wata tambaya. Shin ƴan alamomin da ya sa, wato ƙananan sanduna a kan gefuna masu tsawo ɗaya da kibiyoyi a kan layukan paralel, duka suna da tushe a abin da aka bayar? Idan ka ga sanda biyu a kan OB da OD tun kafin a fara hujja, zagaye su da fensir. Alama ce da ɗalibi ya ba kansa kyauta.

Akwai abin da aka yarda a karanta daga zane, akwai wanda ba a yarda ba, kuma mai dubawa dole ya san iyakar. Ana iya karanta jerin wuri: cewa O yana kan AC tsakanin A da C, cewa B da D suna ɓangarori biyu na AC. Ba a karanta tsawo, ba a karanta girman kusurwa, ba a karanta paralel, ba a karanta tsakiya. Ko da ɗalibi ya sa rula ya auna ya samu OA santimita 4,5 da OC santimita 4,5, abin da ya nuna shi ne zanensa ɗaya tilo, kuma da kuskuren milimita. Hujja tana magana a kan dukkan siffofin da suka cika sharuɗɗan tambaya.

Abu na ƙarshe kafin karatu shi ne rubutun hannu. A wannan tambaya O da D suna rikiɗa zuwa juna a hannun yaro mai sauri, B takan zama 8, alamar paralel takan zama 11. Idan ka kasa rarrabe ∠DCO da ∠OCD, babu laifi, kusurwa ɗaya ce, tun da C ce a tsakiya. Amma idan harafin tsakiya ne ya rikice, kada ka zaɓar masa wanda ya fi dacewa. Sa alamar tambaya, ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Haka kuma ka lura da bambancin da littattafanmu suke yi: (AB) layi ne marar iyaka, [AB] yanki ne daga A zuwa B, AB kuma tsawo ne. Wanda ya rubuta (AB) = (DC) ya ce layukan biyu layi ɗaya ne, abin da ba shi yake nufi ba.

Tambayoyi uku ga kowane dalili

Dalili kamar direba ne a shingen Ɗan Isa: sanin fuskarsa ba ya isa, sai ya fito da takardu. Ga abin da ake tambayarsa.

Na farko, shin wannan dalili ƙa'ida ce ta gaskiya da ajin ya riga ya mallaka? Dalilan da aka yarda da su iri huɗu ne kacal: abin da aka bayar, ma'anar wata kalma, ƙa'idar da aka riga aka koyar, da saɗarar da ta gabata. "Ana gani a zane" ba ya cikinsu. Na biyu, shin sharuɗɗan ƙa'idar sun cika, kuma a wace saɗara ta sama? Kowace ƙa'ida tana da "idan" da "to". Ka faɗi ƙa'idar cikakkiya a ranka, ka nemo lambar saɗarar da ta biya kowane "idan", ka rubuta lambar a gefen takarda. Na uku, shin "to" ɗin ƙa'idar shi ne ainihin abin da aka rubuta a hagu, da waɗannan haruffa, a wannan jeri?

Yawancin masu dubawa a tambaya ta farko suke tsayawa. Ta biyu ce take kama kurakurai.

Saɗara ta 1 da ta 2 ba sa cin lokaci. Ka ɗora yatsa a kan tambayar, ka ga kalmomin suna nan. Sun wuce. Sai dai ka lura cewa ɗalibin bai rubuta abu na uku da aka bayar ba, wato cewa O mahaɗar AC da BD ce. Zai buƙace shi nan gaba kaɗan.

Saɗara ta 3, inda ya kamata a zauna

Ƙa'idar cikakkiya ita ce: idan layi biyu paralel ne, kuma wani layi ya ratsa su, to kusurwoyi biyu da ke tsakanin layukan, a ɓangarori biyu na layin da ya ratsa, daidai suke. Yara suna gane su da siffar harafin Z. To, bi Z ɗin da yatsa a kan zane. Fara daga B, tafi A, haura ta O zuwa C, ƙare a D. Sandar Z ta ƙasa ita ce AB, ta sama ita ce DC, wadda ta ratsa ita ce AC. Layukan paralel ɗin da ake buƙata su ne AB da DC, kuma saɗara ta 1 ta ba da su. Rubuta "1" a gefe.

Akwai ƙaramin abu da ya rage. Ƙa'idar tana magana a kan ∠BAC da ∠DCA, ɗalibin kuma ya rubuta ∠BAO da ∠DCO. Su ne dai, amma saboda O yana kan [AC]. Ba zan rage maki a kan wannan ba a kolej, amma zan rubuta masa a gefe cewa ya ambaci hakan, domin ya saba da sanin abin da yake dogaro da shi.

Kuskuren da ake yawan samu a wannan wuri shi ne ɗaukar ɗaya Z ɗin. Wani ɗalibin zai rubuta ∠DAO = ∠BCO da wannan dalili. Bi yatsa: D, A, C, B. Sandunan wannan Z su ne AD da BC. Wa ya ce paralel ne? Babu. A zane sun yi kama, kuma a ƙarshe gaskiya ne paralel ne, amma babu saɗarar da ta kawo su. Dalilin iri ɗaya ne harafi da harafi, a saɗara ɗaya ya wuce, a ɗayar ya faɗi. Shi ya sa karanta gidan dama kaɗai ba dubawa ba ce.

Ka kuma kula da alkiblar ƙa'ida. "Paralel ne, to kusurwoyi daidai suke" ƙa'ida ce guda. "Kusurwoyi daidai suke, to paralel ne" wata ce dabam. Euclid, wanda ya rayu a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya raba su a littafinsa na farko: ta biyun ita ce lamba 27, ta farkon kuma lamba 29, kuma ita ce wadda ta fara buƙatar sharaɗinsa na biyar a kan layukan paralel. Idan ɗalibi ya rubuta sunan ƙa'ida kawai, kai ne za ka duba wace alkibla saɗarar take buƙata, da ko abin da ke sama ya dace da ita. A nan daga paralel aka tashi zuwa kusurwa, kuma paralel ɗin yana hannu.

Saɗara ta 4 tana da sauƙi. Idan layi biyu miƙaƙƙu suka gitta juna, kusurwoyin da ke kallon juna a mahaɗar daidai suke. Sharaɗin shi ne A, O, C su kasance a layi ɗaya, B, O, D ma haka. Tambayar ta ba da wannan. Da a ce O wani ɗigo ne kawai a cikin siffar da aka haɗa da kusurwoyi huɗu, da zanen zai yi kama da wannan, amma dalilin ba zai tsaya ba.

Saɗara ta 5: gaskiya ce, amma ba a biya kuɗinta ba

Ƙa'idar da ya kira gaskiya ce: idan siffa paralelogram ce, to diyagonal ɗinta suna raba juna gida biyu daidai. Tambaya ta farko ta wuce. Ta biyu fa? Nemo saɗarar da ta ce ABCD paralelogram ne. Duba 1, duba 2, duba 3, duba 4. Babu. Gefen takarda ya zauna babu lamba. Daga zane ya ɗauko.

Idan ka nuna masa, abin da zai ce sananne ne.

"Malam, ai ana gani paralelogram ne."

"Ɗana, ni ma ina gani. Nuna mini lambar saɗarar da ta faɗa."

Akwai hanyar da za ka tabbatar wa kanka, da shi ma, cewa wannan ba tsanantawa ba ce. Cire ɗaya daga abubuwan da aka bayar, ka ga ko saɗarar za ta lura. Zana AB santimita 6, DC santimita 3, paralel, ka haɗa diyagonal. Saɗara ta 1 tana nan, ta 3 tana nan, ta 4 tana nan. Amma auna OB da OD: OB ya ninka OD sau biyu. Ke nan gaskiyar OB = OD tana rataye ne a kan AB = DC, alhali babu inda ɗalibin ya ɗaura saɗara ta 5 da ta 2. Wannan gwaji yana aiki a kusan kowace hujja. Idan ka cire wani sharaɗi, sakamakon ya zama ƙarya, amma rubutun ɗalibi bai nuna inda ya yi amfani da sharaɗin ba, to akwai rami a wani wuri.

A nan mai dubawa yana buƙatar adalci. Akwai ƙa'idar da ta ce siffa mai gefe huɗu, wadda gefunanta ba su gitta juna ba, idan tana da gefe biyu masu fuskantar juna da suke paralel kuma tsawonsu ɗaya, to paralelogram ce. Idan ajin ya riga ya mallaki wannan ƙa'ida, da ɗalibin ya rubuta ta a saɗara ta musamman, yana nuni da 1 da 2, da ya samu haƙƙin saɗara ta 5. Amma a lokacin nan ma OA = OC zai fito kai tsaye daga ƙa'idar diyagonal, alwatikan ba su da sauran aiki. Idan kuwa an ba da aikin ne don a gina ƙa'idar diyagonal ɗin kanta, to ya ɗauki abin da ake nema ya sa shi a cikin dalilansa, ya zagaya ya dawo inda ya tashi. Don ka san wanne ne, buɗe kayen darasi ka ga abin da aka koyar kafin ranar aikin. Dalili ɗaya yana iya halatta a wata uku na ƙarshen shekara, ya haramta a farkonta.

Saɗara ta 6: kusurwar da ba ta zauna a wurinta ba

Ko da mun yafe saɗara ta 5, ta 6 tana da nata ciwon. Ƙa'idar gefe, kusurwa, gefe, wadda littattafan Faransanci suke taƙaitawa CAC, na Najeriya kuma SAS, tana cewa: idan gefe biyu na wata alwatika sun yi daidai da gefe biyu na wata, kuma kusurwar da ke tsakanin gefunan nan biyu ta yi daidai, to alwatikan suna rufe juna. Kalmar "tsakanin" ita ce ran ƙa'idar.

Ga yadda ake dubawa. Zana alwatika AOB ita kaɗai a gefe, ka yi wa abin da aka samu alama. Gefunan da ke hannu su ne AB daga saɗara ta 2, da OB daga saɗara ta 5. Harafin da suka yi tarayya a kai shi ne B. Ke nan kusurwar da ke tsakaninsu ita ce ta B, wato ∠ABO. Yanzu duba kusurwoyin da ɗalibin ya tabbatar: ta A a saɗara ta 3, ta O a saɗara ta 4. Ta B ita ce kaɗai bai taɓa ba. Wannan dabara ta harafin tarayya tana ɗaukar daƙiƙa biyar, kuma ba ta buƙatar ko kallon zane.

Ɗalibi mai kaifi zai ce, gefe biyu ne da kusurwa ɗaya, mene ne bambancin? Ba shi kompa ya gani da idonsa. Ya ja layi daga ɗigon A, ya buɗe kusurwa digiri 30, ya auna AB santimita 8 a ɗaya hannun kusurwar. Ya buɗe kompa santimita 5, ya kafa tsininsa a B, ya zagaya. Da'irar za ta yanki ɗaya hannun kusurwar a wuri biyu, ɗaya wajen santimita 3,9 daga A, ɗayan wajen santimita 9,9. Dalilin shi ne tazarar B daga wancan layi santimita 4 ce, rabin 8, tun da kusurwar digiri 30 ce, kuma 5 ta fi 4 amma ba ta kai 8 ba. Ga alwatika biyu ke nan, kowace tana da gefe 8, gefe 5, da kusurwa 30, amma ɗaya siririya ce, ɗayar doguwa. Ba sa rufe juna. Yaron da ya yi wannan zane da hannunsa ba ya sake rubuta gefe, gefe, kusurwa a matsayin dalili. Wurin da littattafai suka yarda da irin wannan jeri shi ne alwatika mai kusurwa digiri 90, idan an san dogon gefen da ke fuskantar kusurwar da wani gefe guda, kuma wannan ƙa'ida ce mai zaman kanta da sai an nuna digiri 90 ɗin tukuna.

Kafin ka bar wannan saɗara, duba jerin haruffa. △AOB ≅ △COD yana nufin A ta hau C, O ta hau O, B ta hau D. Gwada da saɗarorin sama: kusurwar A daidai take da ta C, haka ne; AB ya hau CD, haka ne. Jerin ya yi. Da ya rubuta △AOB ≅ △DOC, da A ta hau D, kuma abin da zai fito shi ne OA = OD, wanda zanenka mai kishingiɗa zai ƙaryata.

Saɗara ta 7 ita kanta ba ta da laifi. Daga jerin haruffa, AO ya hau CO. Dalilinta daidai ne, sharaɗinta saɗara ta 6 ce. Amma tun da ta 6 ba ta tsaya ba, ta 7 ma ba a tabbatar da ita ba. Ina ganin ya kamata a bambanta wannan a wurin ba da maki: saɗarar da dalilinta ya lalace dabam, saɗarar da dalilinta lafiya lau amma ta dogara da wadda ta lalace dabam. Nakan sa wa ta farko gicciye, ta biyu kuma kibiya mai nuni zuwa inda ciwon yake.

Gyara da abin da ke hannu

Abin ban tausayi a wannan takarda shi ne ɗalibin ya riga ya tara duk abin da yake buƙata tun a saɗara ta 4. Yana da kusurwa biyu da gefe ɗaya. Goge saɗara ta 5 gaba ɗaya, ka sa wannan a madadinta: ∠ABO = ∠CDO, kusurwoyin musaya na ciki, daga saɗara ta 1, wannan karon BD ne layin da ya ratsa. Bi Z ɗin da yatsa: A, B, D, C. Sandunansa AB da DC ne, waɗanda aka bayar. Yanzu gefen AB yana tsakanin kusurwar A da kusurwar B, gefen CD yana tsakanin kusurwar C da kusurwar D. Dalilin saɗara ta 6 ya koma kusurwa, gefe, kusurwa, daga 3, 2 da sabuwar 5. Saɗara ta 4 ta zama ƙari, ba ta cutar da komai, ba a kuma buƙatarta.

Wani ɗalibin zai bi ta 2, 3 da 4 kai tsaye, wato kusurwa biyu da gefen da ba ya tsakaninsu. Wannan halal ne, ba kamar gefe biyu da kusurwar waje ba, domin kusurwoyin alwatika uku suna haɗuwa su ba da digiri 180, don haka wanda ya san biyu ya san ta uku. Sharaɗin da za ka duba shi ne gefen ya zauna a wuri ɗaya a alwatikan biyu: AB yana fuskantar kusurwar O a ta farko, CD yana fuskantar kusurwar O a ta biyu. Idan kayen ajin bai ƙunshi wannan ƙa'ida da sunanta ba, sai a nemi ya ƙara saɗara ɗaya ta digiri 180.

Bayan gyara, yi karatu na ƙarshe daga ƙasa zuwa sama, kana bin lambobin da ka rubuta a gefe. Ta 7 ta dogara da 6. Ta 6 ta dogara da 2, 3 da 5. Ta 3 da ta 5 sun dogara da 1. Ta 1 da ta 2 daga tambaya suke. Abu biyu kake nema a wannan karatu: kada wata saɗara ta nuna lambar da ta kai tata ko ta fi ta, kuma kowane reshe ya ƙare a abin da aka bayar. Sa'an nan ka koma kan jerin da ka rubuta tun farko, ka ga ko an taɓa kowane sharaɗi. Paralel ya yi aiki a 3 da 5, tsawo ɗaya ya yi aiki a 6, mahaɗar O ta yi aiki a sunayen kusurwoyi. Idan wani sharaɗi ya rage ba a taɓa shi ba, maimaita gwajin nan na cire shi ka sake zane, domin wani lokaci mai tambaya ne ya ba da ƙari, amma sau da yawa ɗalibi ne ya ɗauko madadinsa daga zane ba tare da ya sani ba.

A gefen takardar yaron, maimakon "ba daidai ba", abin da zan rubuta shi ne: a saɗara ta 5, "wace saɗara ce ta ce paralelogram ne?", a ta 6 kuma, "AB da OB sun haɗu a B, ina kusurwar B?" Sai in mayar masa da kayen ya kawo gyaran da kansa a darasi na gaba.